Sarin Buhu Ko Sayen Kaɗan-Kaɗan: Yadda Ake Gane Wanda Ya Fi Sauƙi Idan Kayan Abinci Sun Yi Tsada

Tambaya: Malam, mu shida ne a gida, kuma kuɗin cefane ya kusa cinye abin da ke shigo mana. Kowa yana cewa in riƙa sarin buhu, amma na taɓa gwadawa da wake, ƙwari suka cinye kusan rabinsa. Yaushe sari yake da amfani, yaushe ya kamata in saya, kuma me zan yi idan abin da muka saba ci ya tashi?

Amsa: Malama, kafin a je kan kowane buhu akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ki riƙe, domin a kanta sauran bayanin ya dogara. Farashin da ya shafe ki shi ne kuɗin kilon da ya shiga tukunya aka ci, bayan an cire abin da ya lalace, da kuɗin dako, da abin da ma'auni ya tauye. Farashin da mai kaya ya faɗa a kasuwa mafarin lissafi ne kawai. Na daɗe ina aiki a fannin ajiyar hatsi bayan girbi, kuma yawancin asarar da na gani a gidaje ta samo asali ne daga tsayawa kan farashin kasuwa ba tare da an ƙarasa lissafin ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman kuɗin da zan kawo na kwatance ne, sai ki sa naki a madadinsu. A ce gidanku yana cin shinkafa kilo 12 a wata, kuma idan kin saya kaɗan-kaɗan kilo ɗaya yana tashi a kan 100. Buhu mai kilo 50 kuma an yi miki shi 4,300, wato kilo ɗaya a kan 86. A ido wannan rangwame ne na kashi 14 cikin ɗari, abin da zai ja hankalin kowa. Sai dai buhu ba ya kawo kansa gida, don haka a ƙara kuɗin mota da na mai dako, a ce 150, jimla ta zama 4,450. Yanzu sai ki raba wannan jimla da farashin sayen kaɗan-kaɗan, ki sami 44.5. Ma'anar wannan adadi ita ce, sai an ci kilo 44.5 daga buhun kafin ki mayar da kuɗinki, kuma duk ribar da ke cikin cinikin ba ta wuce kilo 5.5 ba. Idan aka ɗora buhun a sikeli aka ga kilo 49 ne, wanda ba baƙon abu ba ne, kilo ɗaya ya tafi. Idan tsakuwa da ƙaiƙayi da abin da ya zube ko ya ɓaci a gindin buhu suka ci wani kilon, saura 48. Kilo ɗaya ya tashi ke nan a kan kusan 93, ribarki ta koma kashi 7 cikin ɗari, wato 350 a cikin wata huɗu. Riba ce, kuma ta cancanci a neme ta, amma rabin abin da aka hango ce tun farko.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba ta fitowa a sikeli, wadda a ganina ta fi ƙwari cin ribar sari. Idan buhu yana tsaye cike a ɗaki, hannu yakan saki. Mai girki takan ƙara ɗan tafi ɗaya don kada a rasa, a dafa fiye da ƙima, ragowar ta kwana ta lalace. A misalinmu, idan cin wata ya tashi daga kilo 12 zuwa 13.5, kuɗin shinkafar wata zai kai kusan 1,250, alhali da can 1,200 ne. An yi sari, an sha wahalar dako, kuma an ƙara kashe kuɗi. Maganin wannan mai sauƙi ne: ranar da buhun ya iso a raba shi kashi huɗu a mazubai masu murfi, a rubuta watan kowanne a jikinsa, a ajiye uku nesa da wurin girki, sannan a tsayar da kofi ɗaya na awo wanda ba a canza shi. Haka kuma idan da bashi mai kuɗin ruwa za a yi sarin, a duba ko abin da za a biya a kan bashin ya kai 350 ɗin nan. Idan ya kai, to mai bashin aka yi wa aiki.

Daga wannan lissafi ake gane abin da ya dace a sara. Abu uku nake dubawa: shin kayan suna jure ajiya, shin gidan yana cinye su da sauri, kuma shin akwai wurin da za a adana su. Farar shinkafa, da sukari, da gishiri, da taliya busasshiya suna jure watanni da yawa muddin ba su ji laima ba. Gari kuwa, musamman wanda aka niƙa da dusarsa, yana da mai a cikinsa wanda yakan canza ƙamshi ya yi ɗaci, shi ya sa ya fi kyau a ajiye ƙwayar hatsi a riƙa niƙa ta makonni kaɗan. Man girki ma zafi da haske da iska suna lalata shi, don haka idan an sayi babbar jarka a riƙa zuba na mako ɗaya a ƙaramar kwalba, a bar babbar a rufe a wuri mai duhu da sanyi. Ni ma'aunina ga gidan da ba shi da mazubi mai hana iska shiga shi ne kada a sayi abin da zai wuce wata uku zuwa huɗu ba a cinye ba. Idan buhun ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba a kan sikeli a rana ɗaya, kowa ya sami farashin sari ba tare da ya ɗauki haɗarin doguwar ajiya ba.

Batun wake yana buƙatar a tsaya a kansa, domin ƙwarin da ke cinsa galibi tare da shi suke zuwa tun daga gona ko rumbun ɗan kasuwa, ba daga ɗakinki suke fitowa ba. Macen ƙwaron takan manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci ta girma, sannan ta fito ta bar ɗan rami zagayayye. A yanayin zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne kawai, kuma mace ɗaya tana yin ƙwai da dama. Wannan ne ya sa buhun da ake gani lafiya lau a watan farko yake zama gari da wari a wata na uku ko na huɗu. Idan za ki saya, ki sa hannu ki ɗebo daga tsakiyar buhu, kada ki tsaya kan na sama da aka gyara don ido, ki baza a tafin hannu a wuri mai haske. Idan kin ga ɗigo-ɗigon fari ƙanana manne a jikin ƙwayar, ƙwai ne. Idan kin ga ramuka, ko gari yana bin hannunki, an riga an yi zagaye ɗaya ko biyu, kuma irin wannan na cin mako biyu ne, ba na ajiya ba.

Hanya mafi aminci ta kare wake da sauran hatsi a gida ita ce hana su iska. Idan aka cika jarka ko duro mai tsabta, busasshe, har baki, aka rufe ruf, ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Akwai kuma buhu mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira: leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban. Kuskuren da aka fi yi da waɗannan mazubai shi ne buɗewa kullum don ɗibar na girki, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwarin. Saboda haka jarkoki ƙanana guda biyar sun fi babban duro ɗaya amfani ga gida, a buɗe ɗaya a bar huɗu a rufe har lokacinsu ya zo. Wanda yake da firiza mai tsayayyen sanyi yana iya sa waken a ciki kwana huɗu zuwa mako ɗaya kafin ajiya, sannan ya bar shi a cikin ledarsa ya huce kafin a buɗe don kada raɓa ta sauka a kansa. Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne zuba maganin ƙwari na gona ko ƙwayar hayaƙi mai guba a abincin da ke cikin ɗakin da mutane ke kwana. Wannan ya yi sanadin rayuka, kuma babu rangwamen da ya kai a yi kasadarsa.

Sai lokacin saye. Kowa ya san hatsi yakan yi araha lokacin girbi, ya riƙa hawa har zuwa gab da girbi na gaba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, hatsin makonnin farko na kaka yakan zo da ruwa a jikinsa. Hatsin da za a ajiye ana so danshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko kusa da haka. Idan kin sayi masara kilo 100 mai danshi kashi 18, lokacin da ta bushe zuwa 13 za ta koma kilo 94 da ɗan ɗoriya, wato kin biya kuɗin ruwan da zai bi iska har kusan kilo 6. Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da fumfuna. Na taɓa yin wannan kuskure a farkon aikina: na sayi masara sabuwar sussuka don arha, na jera buhunan a kan siminti, bayan mako biyu na tura hannu tsakiyar buhu na ji ɗumi kamar an ajiye ta a rana, ga wani wari na ruma. Wannan ɗumi alama ce ta cewa hatsin da fumfunar suna numfashi suna fitar da zafi. Wasu nau'o'in fumfuna a masara da gyaɗa suna haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke illata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Hatsin da ya yi fumfuna zubar da shi ake yi, kuma bai dace a ba dabbar da ake shan nononta ba.

Gwajin danshi ba ya buƙatar na'ura. Ki ciji ƙwaya ɗaya: busasshiya takan fashe ƙas, mai danshi kuwa haƙori yakan nutse a cikinta. Gwajin da ya fi wannan tabbas shi ne na gishiri. A sami kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sosai, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a bari kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, sai a shanya shi kafin a rufe. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mazubi mai hana iska, domin rufe hatsi mai laima a jarka lalata shi ne. Don haka lokacin da na fi so ga mai ajiya shi ne 'yan makonni bayan girbi ya kankama, lokacin da kaya suka cika kasuwa kuma sun sami bushewa, ko da farashin ya ɗan ɗara na makon farko.

Idan farashi ya yi tsalle kwatsam, tambayar farko ita ce wane irin tashi ne, domin kowanne da yadda ake tunkararsa. Idan na yanayi ne, kamar yadda tumatir da albasa da ganyaye ke tashi duk shekara a watannin da ba lokacinsu ba, zai sauka da kansa, sai a rage amfani a jira. Idan wani abu ne ya katse kawo kaya na ɗan lokaci, kamar lalacewar hanya ko ƙarancin man fetur ko jita-jita, to wannan ne mafi munin lokacin sari, domin wanda ya ruga ya cika ɗaki a ranar da kowa ke rububi shi ne ya saya a ƙololuwa, kuma yakan ga farashin ya dawo kafin ya cinye rabi. A irin wannan hali ki sayi na mako ɗaya ko biyu kawai. Amma idan kin ga kusan komai yana hawa tare wata bayan wata, har da sabulu da kuɗin mota, to darajar kuɗin ce ke raguwa, kuma a nan sayen busassun kaya na wata uku yau ya fi riƙe kuɗin a hannu. Ba a iya bambance waɗannan ukun da tunani kawai, domin mutum yakan tuna tsadar da ta ba shi haushi ya manta sauran. Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta farashin kilo ko lita na kaya takwas zuwa goma da kuka fi ci, sau ɗaya a wata. Bayan shekara za ki san watan da kowanne ke sauka a inda kike, kuma za ki ga cewa a wasu shekarun hatsi ba ya tashi bayan kaka kamar yadda aka saba, wanda shi ma dalili ne na kada a zuba duk kuɗin gida a ajiya.

Ga kayan gwari, lokaci a cikin yini ma yana da tasiri. Da yamma mai kayan da ba za su kwana lafiya ba yakan sassauta, amma wannan na wadda za ta dafa ko ta sarrafa a daren ne. Makon da ke gaban manyan bukukuwa kuwa kusan ko'ina kaya sukan tashi, sai a sayi busassun tun da sauran makonni.

Saura canza abinci da wani, kuma a nan ma lissafin farko ne ke aiki, sai dai maimakon kilon da aka ci, ana auna aikin da abincin ke yi a jiki ko a tukunya. Mutum yakan ga kilon dankalin turawa ya fi kilon shinkafa arha ya ɗauka ya sami mafita, alhali kusan kashi 80 cikin ɗari na dankali ruwa ne. Giram 100 na ɗanyar shinkafa yana ba da kalori kusan 360, na dankalin turawa kuwa bai kai 80 ba, don haka sai an sayi kilo huɗu da rabi na dankali kafin a sami ƙarfin da ke cikin kilon shinkafa ɗaya. Idan kilon dankali bai sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashin shinkafa ba, canjin bai rage kuɗin ƙoshi ba, ko da yake yana da nasa amfanin ga jiki. Busasshen hatsi da busasshen hatsi kuwa, kamar shinkafa da masara ko alkama, ƙarfinsu ya yi kusa, ana iya kwatanta su kilo da kilo, a ƙara kuɗin niƙa da abin da dusa za ta rage.

Inda canji ya fi kawo sauƙi shi ne abinci mai gina jiki. Tsokar nama ɗanya tana da furotin kusan giram 20 a kowane giram 100, busasshen wake yana da 21 zuwa 24, ƙwai ɗaya kuma kusan giram 6. A ce kilon nama mai ƙashi 600 ne, kuma bayan ƙashi da kitse tsokar giram 700 ce: furotin ɗinsa giram 140, wato kowane giram 100 na furotin ya tashi a kan kusan 430. Idan ƙwai ɗaya 15 ne, giram 100 na furotin ya tashi 250. Idan kilon wake 150 ne, kusan 70 ne kawai. Ko da wake ya ninka kuɗinsa, tazarar tana nan. Amma kada a fahimci cewa a daina nama da ƙwai gaba ɗaya. Sinadarin bitamin B12 a abincin da ke fitowa daga dabbobi ake samunsa, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki ya fi saurin shanye shi fiye da na tsirrai. Abin da nake ba da shawara shi ne a rage yawan naman a mayar da shi abin ɗanɗano a cikin miya, wake ya ɗauki mafi yawan nauyin tare da hatsi, a haɗa da ɗan lemo ko ɗanyen kayan lambu domin bitamin C yana taimaka wa jiki karɓar ƙarfen wake. Ɗan ƙwai da kifi da madarar da aka samu kuma a fara da ƙananan yara da mai ciki da mai shayarwa, domin su ne suka fi cutuwa idan aka tsuke. A sa kuɗin makamashi a lissafin wake, tunda yana daɗewa a wuta. Jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dafuwa sosai, kuma dafa na kwana biyu a tukunya ɗaya ya fi idan akwai inda za a sanyaya ragowar.

Tumatir ma haka yake. Kusan kashi 94 cikin ɗari na ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma kilo ɗaya na kakkauran tumatirin gwangwani yana tsayawa a madadin ɗanye kamar kilo biyar. Idan ɗanyen ya ninka sau uku a lokacin ƙarancinsa, sai a koma na gwangwani ko busasshe, amma a karanta abin da aka rubuta a jikin mazubin, domin wasu ana cika su da sitaci da launi, sunansu tumatir amma tumatirin cikinsu kaɗan ne. Wanda ya rage bayan an buɗe gwangwani a juye shi a kwalba mai tsabta, a rufe samansa da ɗan mai, a sa a firiji a yi amfani da shi cikin kwanaki kaɗan.

Idan za ki sake gwada wake, ki fara da kilo 10 zuwa 12, wanda zai kai ku wata uku ko huɗu idan kuna cin kamar kilo uku a wata. Ki duba shi a tafin hannu kafin ki biya, ki yi masa gwajin gishiri a gida, ki shanya shi idan ya buƙata, ki bar shi ya huce a inuwa, sannan ki cika jarkoki uku ko huɗu har baki, ki sa leda a ƙarƙashin murfin ki ɗaure, ki ɗora su a kan katako nesa da bango. Ki rubuta jimlar abin da kika kashe da ranar da kowace jarka ta ƙare, sai ki raba kuɗin da kilon da aka ci, ki kwatanta da farashin da wake ya kai a kasuwa a waɗannan watanni kafin ki yanke shawarar ƙara yawa a karo na gaba.